Emsi a bikin da ya haɗa Musulmi da Kirista: da me zai fara buɗe baki?

Yayan Ango: Jama'a ni aka ɗora wa emsi a liyafar ƙanena ranar Asabar a Kaduna. Amarya Musulma ce amma dangin mahaifiyarta Kiristoci ne daga Zonkwa, bas biyu za su ciko. Ni a ganina taro in ya gauraya haka a ajiye sallama da addu'a gaba ɗaya, a ce barkanku da zuwa a wuce wajen, ba wanda zai ji an ware shi. Akwai mai ja?

Tsohon Emsi: Ni nan ina ja. Wlh kana yin haka kafin a raba abinci wani dattijo zai aiko yaro ya raɗa maka a kunne wai Baba ya ce ba a buɗe taro da addu'a ba. Kuma kar ka ɗauka daga ɓangarenku saƙon zai zo, sau da yawa mutanen coci sun fi saurin lura, don su ko taron ƙauye ne sai an yi addu'ar buɗewa da ta rufewa. Na daɗe ina wannan aiki a Jos, ban taɓa ganin dangin da suka ji daɗin biki ba sunan Allah ba. Kana gudun ɓata wa ɓangare ɗaya sai ka ɓata wa biyu.

Ɗan Tudun Wada: To ai tun farko ma me ya kai shi auren Kirista, duk matan garin nan

Anti Ladi: Kai Ɗan Tudun Wada karanta mana kafin ka rubuta, an ce amarya Musulma ce, kawunnanta da innoninta ne Kirista. Kuma ko da ita ce ai Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta, ba wannan ake tambaya ba.

Ɗan Tudun Wada: Au

Abu Hafsa: Maganar addu'a na yarda da Tsohon Emsi. Amma sallama akwai abin dubawa, domin ya zo cikin Sahihu Muslim cewa kada a fara yi wa Yahudu da Nasara sallama. Don haka nan Yayan Ango ya yi daidai ko da ba da wannan niyya ya faɗa ba, ya ce barka da yamma ya wadatar.

Malam Na Zariya: Abu Hafsa hadisin nan gaskiya ne amma ba muhallinsa ba kenan. Wancan magana ce ta mutum da mutum, wannan kuwa majalisi ne gauraye, kuma shi ma yana da nassinsa. Hadisin Usama ɗan Zaid da ke Bukhari da Muslim, Manzon Allah tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi zai je gaida Sa'adu ɗan Ubada da ba shi da lafiya, ya wuce ta wani majalisi da akwai Musulmi da mushirikai da Yahudawa a haɗe, ya yi musu sallama. Daga nan malamai suka ce ba laifi a yi wa taro irin wannan sallama, wasunsu suka ƙara da cewa mutum ya nufi Musulmin da ke ciki.

Maman Godiya: Allah gafarta Malam wato a baki da mu, a zuci ban da mu kenan? Ni dai bari in faɗa muku yadda abin yake daga kujerar da muke zama. Sallama ba ta damunmu ko kaɗan, mu ma a gidajenmu in mutum zai shiga salama alaikum yake cewa, kuma a Luka 10:5 Yesu da kansa ya ce wa almajirai duk gidan da suka shiga su fara da salama. Littafi Mai Tsarki na Hausa tun na 1932 Allah yake cewa, Ubangiji yake cewa, da su muke addu'a ran Lahadi. Abin da ke mana ciwo daban ne. Emsi ya kwashe minti goma yana jero alhazai da hajiyoyi da sarautunsu, sai can ƙarshe ya ce muna kuma maraba da 'yan'uwanmu Kiristoci da suka zo taya mu murna. Taya ku? A bikin 'yar ƙanwata aka yi mana haka, ni na goyi yarinyar nan a bayana, amma aka mayar da ni 'yar gayya. Yayanmu tun daga nan bai ƙara cewa uffan ba har muka shiga mota.

Tsohon Emsi: Yawwa Mama kin taɓo inda ke ƙaiƙayi. Yayan Ango buɗe kunne. Mutanen Zonkwa ɗin nan ba a matsayin Kirista aka gayyace su ba, kawunnan amarya ne da kakanninta, to da wannan za ka kira su. Jerin da nake bi shi ne iyayen amarya tukuna, ɓangaren uba da na uwa a tare, sannan iyayen ango, sannan masu sarauta in akwai, sannan malamai da fastoci a jumla guda ba a raba ba, sai abokan aiki da ƙawaye. Ga yadda zan buɗe da ni ne, gyara sunaye kawai za ka yi:

"Assalamu alaikum, salama a gare ku duka, barkanmu da yamma. Godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya. Iyayenmu na gidan amarya, waɗanda ke nan Kaduna da kawunnai da kakanni da suka yi sammako tun daga Zonkwa, sannunku da hanya, ku ne kuka ba mu, mun gode. Iyayen ango, malamanmu da fastocinmu, abokan arziki na kusa da na nesa, lale marhabin. In magariba ta yi za mu dakata minti goma sha biyar, wajen alwala da sallah yana bayan zaure ta hannun dama, wanda ba zai fita ba ga lemo nan yana zuwa."

Duka duka bai kai minti biyu ba. Dubi kuma ni ban yi addu'a ba, godiya kawai na yi wadda kowa a zauren zai ce amin ba tare da ya waiga ya ga wa ke kallonsa ba. Addu'a ta gaske ba aikin emsi ba ne, kiran mai yi za ka yi.

Yayan Ango: To ai nan gizo ke saƙar Baba. Wa zan kira? In na kira liman kaɗai wancan ɓangare su ji haushi, in na kira fasto baffanmu zai iya tashi ya fita, na san halinsa.

Ma'aikacin Sakateriya: Ku yi irin na gwamnati mana. A taron ofis baiti ɗaya na taken ƙasa ake karantawa a matsayin addu'a shikenan kowa ya huta, da can baiti na biyu ne, da aka dawo da tsohon take a 2024 aka koma na uku.

Anti Ladi: Tab, taken ƙasa a biki? Sai ka ce rantsar da kansila. Tsofaffin nan da suka taso daga ƙauye su miƙe suna karanta Turanci, haba.

Maman Godiya: Biyu ake yi, haka muka saba gani a Kafanchan da Jos. Liman ya buɗe fasto ya rufe, ko a juya. Ina wahala a nan.

Abu Hafsa: Wahalar ita ce fasto zai rufe da cikin sunan Yesu, ni kuwa ba zan ce amin a kan wannan ba, kuma ba raini ba ne, aƙida ce.

Maman Godiya: Ba wanda ya ce ka ce. Mu ma in ana Fatiha shiru muke yi mu sunkuyar da kai har a shafa. Amma kar kuma a ce wa fasto ya cire sunan, gara kar a kira shi sam da a kira shi a ɗaure masa baki.

Malam Na Zariya: A nan ni da Maman Godiya mun rabu kaɗan. Ni na fi son abin da ya tsaya a sa albarka. Liman ya yi addu'ar aure da aka sani, barakallahu laka wa baraka alaika wa jama'a bainakuma fi khair, ya fassara da Hausa don kowa ya ji abin da aka roƙa, Allah ya sa albarka ya haɗa su cikin alheri. Sai a ba babban kawun amarya abin magana ya sa wa 'yarsa albarka a matsayinsa na uba, ba a matsayin malamin coci ba. In ya ambaci abin da ya yi imani da shi bakinsa ne, ba wanda zai ce an mayar da biki sujada.

Tsohon Emsi: Duka biyun na gani sun yi aiki, duka kuma na ga sun ɓaci. Abin da ke ɓata su ɗaya ne, a bar emsi ya yanke hukunci a tsaye da abin magana a hannu. Wannan magana ta iyaye ce, ranar Alhamis ko Juma'a ka zaunar da mahaifin amarya da baffanku su faɗa maka wa zai yi, ka rubuta sunan a takarda, ka sami mutumin kafin a fara ka ce masa minti biyu. In ba ka faɗa ba liman zai zarce wa'azin haƙƙin miji, fasto ya ga ai shi ma ba za a bar shi a baya ba ya buɗe Afisawa sura 5, shinkafa ta huce. Alamar da za ka gane ka fara rasa zaure ita ce in ka ga tebur guda gaba ɗaya sun duƙufa a waya ko mata sun fara gyara mayafi suna kallon ƙofa.

Ɗan Tudun Wada: Ni dai a sa barkwanci, emsi ba dariya ai gara rediyo

Tsohon Emsi: Sa, amma wanda yake da asali. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, waɗannan kowa ya san wasa ne ya gada. Tsakaninka da mutanen Zonkwa ba wannan wasan, kar ka ƙirƙiro shi ranar. Ban da zancen burkutu, ban da naman kare, ban da mun ƙwace muku 'ya, ban da kwaikwayon Hausarsu. Kuma Bajju za ka ce, ba sunan da kakanninmu ke kiransu da shi ba.

Maman Godiya: Ka tambayi mahaifiyar amarya yadda ake sannu da zuwa da Jju, yarenmu na Bajju, ka haddace, kalma biyu kawai, za ka ji guɗa daga bayan zaure. In kuma zumuntar matan coci sun zo da shirin waƙa, don da wuya su zo hannu rabbana, a sani tun da wuri a ba su lokacinsu, kar su miƙe da kansu ana tsaka da yanka kek.

Abu Hafsa: Waƙar coci kuma? To wannan ai sabuwar magana ce.

Anti Ladi: Kai kuma kiɗan da za a kwana ana yi bai dame ka ba sai wannan

Yayan Ango: Sallama dai na janye, zan yi. Jerin suna ma na kwafe. Maganar fasto ko kawu har yanzu ban san ta inda zan ɓullo wa baffa ba, Malam Na Zariya ko za ka raka ni gobe bayan la'asar, ya fi jin maganar masu rawani.

Malam Na Zariya: Zan je, amma fara kiran mahaifiyar amarya ka ji ko a cikin masu zuwan akwai fasto ma tukuna.