Wane suna za mu raɗa wa PWM da MPPT da Hausa?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina koyar da yara haɗa sola a shagona, kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Akwatin nan da ke shiga tsakanin fanel da batir kowa ya san shi da kwantirola, wannan ya zauna. Amma idan mai saye ya tambaye ni bambancin PWM da MPPT, sai in ji yarana suna cewa "ƙarama" da "babba", ko "mai araha" da "mai tsada". Sunayen nan suna sa mutane asara, domin ba girma ne ya raba su ba. Ina neman suna wanda da jin sa mutum zai gane aikin kowacce.

Ɗan Maradi: Wa alaikumus salam Malam. Mu nan regilatar muke cewa, daga Faransanci. Amma kan waɗannan biyun mu ma haruffan kawai muke kira.

Injiniya Lawal: Kafin suna, a fara duba abin da kowacce take yi. PWM makunni ce kawai. Tana haɗa fanel da batir kai tsaye, idan batir ya kusa cika sai ta riƙa buɗewa da rufewa da sauri ƙwarai don rage abin da ke shiga. Tunda haɗin kai tsaye ne, dole fanel ya sauko zuwa bolt ɗin batir. Bolt ɗin da ya yi rara ba a cin moriyarsa. MPPT kuwa tana barin fanel ya yi aiki a bolt ɗin da ya fi ba da ƙarfi, sannan ta juya rarar ta koma amfiya kafin ta kai batir. Ni zan ce a kira PWM buɗe-rufe. Ta biyun ce ban samu abin da ya kwanta mini ba.

Baban Khadija: To Injiniya ga tawa matsalar, wataƙila ta taimaka wajen sunan. Na sayi fanel mai wat 300, batir guda mai bolt 12 da 200Ah, da kwantirola PWM. Tsakar rana, ba hazo ba ƙura, allon bai taɓa nuna mini sama da amfiya 9 da ɗoriya ba. Har na koma na yi faɗa da mai shagon cewa fanel ɗin jabu ne.

Injiniya Lawal: Duba takardar da ke manne a bayan fanel ɗin, ka faɗa mini abin da aka rubuta a gaban Vmp da Imp.

Baban Khadija: Vmp 32V, Imp 9.4A.

Injiniya Lawal: To fanel ɗinka lafiyarsa ƙalau, ka nemi afuwar mai shago. Wat 300 ɗin nan bolt 32 ne sau amfiya 9.4. Kwantirolarka ta janyo shi ƙasa zuwa kusan bolt 13.5 na batir, amfiya kuma ba ta ƙaru ba. Ka ninka 13.5 da 9.4, za ka samu wat 127 ko kusa da haka. Kenan fiye da rabin abin da ka biya kuɗinsa yana zaune a saman kwano bai sauko ba. Da MPPT ce, ko da zafi ya rage fanel ɗin zuwa wat 240, batir zai sami amfiya 17 zuwa 18. Nemi mai 30A, za ta ɗauke shi.

Maman Abba: Ni dai da na karanta bayanin nan, ɗan canji na tuna, irin na Wapa. Ka kai masa kuɗin da ba ya ciyuwa a kasuwarku, ya juya maka su zuwa wanda ke ciyuwa, ya cire ɗan ladansa. Me zai hana a ce ɗan canji?

Injiniya Lawal: Hajiya, wannan ya burge ni. Har ladan ma ya dace, domin wajen juyin tana cinye kaɗan daga wutar, shi ya sa take ɗumi.

Sadiƙu: Ai mu tuni muna da kalma, inbata. Ita ce ke canja wuta.

Malam Habu: A'a Sadiƙu, inbata bayan batir take, tana mayar da wutarsa irin ta gida. Wannan gaban batir take. Sai dai maganarka ta nuna mini hatsarin sunan: idan aka ce canji, wasu inbata za su tuna.

Auwalu mai cajin waya: Ni a ganina duk wannan wahala ce. A ce "ta zamani" da "ta da" a huta. Kowa ya san MPPT tana ƙara kashi 30 cikin ɗari, PWM kuwa lokacinta ya wuce.

Injiniya Lawal: Auwalu, ƙarin yana nan, amma ba kullum yake kai haka ba. Ɗauki fanel mai wat 150 wanda aka yi domin batir mai bolt 12, Vmp ɗinsa wajen 18 ne, amfiya 8.3. A watan Afrilu idan fanel ya gasu a kan kwano, bolt ɗin nan yakan sauko zuwa 15 da wani abu. Tsakaninsa da 13.5 na batir saura kaɗan, ɗan canji bai da abin juyawa sosai. Buɗe-rufe za ta ba ka wat 112 ko sama kaɗan, MPPT kuma wajen 124. Da wannan ƙarin da kuɗin da za ka ƙara, sau da yawa gara ka sayi fanel na biyu. Mai fitila huɗu da fanka da cajin waya, buɗe-rufe mai kyau ta ishe shi, muddin fanel ɗin ya dace da batir. Idan muka kira ta "ta da" mun zalunce ta.

Auwalu mai cajin waya: Tawa MPPT ce kuma ban ba da kuɗi mai yawa ba. 'Yar shuɗiya ce mai ramin USB biyu.

Injiniya Lawal: Ɗaga ta ka ji nauyinta. Ta gaske tana da naɗin waya mai kauri a ciki da ƙarfen sanyaya, ba ta zama kamar kwalin ashana. Amma mita ce za ta raba gardama. Da hantsi, lokacin da batir bai cika ba, auna bolt a inda wayar fanel ta shiga, ka kuma auna a inda ta batir ta fita. Idan kusan ɗaya ne, buɗe-rufe ce aka buga wa haruffan MPPT a jiki.

Auwalu mai cajin waya: Na auna yanzu. Shiga 13.4, fita 13.1. Innalillahi.

Malama Rabi: Allah ya mayar da alheri, Auwalu. Ni Hausa nake koyarwa, kuma ina da ja kaɗan. Buɗe-rufe ta zauna daram, tsarinta irin na shige-da-fice ne, baki ba zai ƙi ta ba. Amma kwantirola mace muke kiranta, don haka 'yar canji ya kamata. Sannan sunan ya bar rabin aikin a baya. Kamar yadda na fahimta, ba juyi kaɗai take yi ba, tana ta neman inda fanel ya fi ƙarfi yayin da rana da gajimare ke sauyawa. Ina ganin mai lalube ta fi kama wannan.

Ɗan Maradi: Lalube a kunnena kamar wanda ke cikin duhu ne, Malama. Mai saye zai ɗauka ba ta san abin da take yi ba.

Injiniya Lawal: Gaskiya laluben take yi, tana ɗan matsa bolt sama ko ƙasa ta ga ko ƙarfi ya ƙaru. Amma mai saye a bakin kanta juyin ne zai gani a allonsa.

Malam Habu: Na gode muku. Buɗe-rufe na ɗauka, daga gobe haka yarana za su riƙa faɗa. Ta biyun zan gwada 'yar canji da mai lalube a kan masu shigowa shago har mako biyu, in ga wadda ba sai na yi dogon bayani ba. Baban Khadija, idan za ka sauya taka, ka duba Voc na fanel, wato bolt ɗinsa idan ba a haɗa shi da komai ba, kada ya wuce iyakar da aka rubuta a jikin sabuwar, ka bar rata saboda safiyar hunturu yakan hau, kuma ka fara ɗaura batir kafin fanel.

Baban Khadija: To Malam. Tsohuwar fa, in ajiye ta ko in sayar?

Malam Habu: Ajiye ta. Kawo ta shago mu haɗa ta da ƙaramin fanel mai Vmp 18, za ta riƙe maka fitilun zaure.