Neman taimako: sauya sunayen gaskiya da na bogi a hotunan allo

Assalamu alaikum. Ina haɗa littafin horas da sababbin ma'aikata kan manhajar rajistar kwastomomi, kuma hotunan allon da na ɗauka cike suke da sunayen mutane na gaskiya.

Ba na son dusashe su, don mai koyo sai ya bi kwastoma guda tun daga rajista har rasit. Sai na yi jadawali, kowane suna da madadinsa, ina danna Inspect a burauza in sauya rubutun kafin ɗaukar hoto.

Ga inda na maƙale. Da na sabunta shafi, komai ya koma yadda yake. Jerin ma an tsara shi bisa haruffa, sunan bogi mai farawa da Z ya zauna tsakanin masu A, kowa ya gani ya san an taɓa. Ga kuma da'irar gefen suna, har yanzu tana nuna haruffan farko na ainihin mutumin, wanda shi ya fi damuna.

Don Allah, akwai hanyar da jadawalin zai riƙa aiki da kansa a kowane shafi? Ko dai in nemi a buɗe min asusun gwaji in shigar da bayanan bogi tun daga tushe?