Ja sau tara a jere: shin dole baƙi ya biyo baya?

Mai Keke: Jama'a ku raba mana gardama. Faifan rulet, wanda ake juyawa a caca ƙwallo ta faɗa ɗaya daga cikin ramukansa masu launi, ya tsaya a ja sau tara a jere, na ce wa abokina yanzu kam dole baƙi ya fito, tunda rabi da rabi ne. Ya ce ban san lissafi ba. Wa ke da gaskiya?

Malamin Lissafi: Abokinka ne, ɗan'uwa. Faifan Turai ramuka 37 gare shi: ja 18, baƙi 18, kore ɗaya. Duk juyin da aka yi, damar baƙi 18 ce cikin 37, wato kashi 48.6 cikin ɗari. Kafin jan nan tara haka take, bayansu ma haka take. Ƙwallon ba ta san inda ta faɗa ɗazu ba, kuma ba wanda ke bin ta bashi.

Mai Keke: To Malam, ja sau goma a jere ba abu ne mai wuya ba?

Malamin Lissafi: Mai wuya ne idan tun ba a fara juyin ba ka ce za a yi goma. Amma kai tara sun riga sun wuce a gaban idonka, wahalarsu ta ƙare. Saura juyi ɗaya tak, shi kuwa daidai yake da na farko. An ga haka a gidan cacar Monte Carlo ranar 18 ga Agusta, 1913. Baƙi ya yi ta fitowa har sau 26 a jere, mutane suna ta zuba kuɗi a kan ja suna cewa lokacinsa ya yi. Gidan ne ya kwashe miliyoyi.

Tela: Ni ban yarda gaba ɗaya ba. A karta, idan sarakuna uku sun fita, na san saura ɗaya a cikin kwalin. Ashe abin da ya wuce yana da tasiri.

Malamin Lissafi: A karta kana da gaskiya, domin katin da ya fita ba ya komawa sai an sake cakuɗawa. A rulet ba a toshe ramin ja don ya ci. Haka ƙwayar ludo, in ka jefa sau ashirin ba siki, fuskokinta shida suna nan yadda suke.

Tela: Amma ai ku ne kuke cewa a ƙarshe lissafi yana daidaita.

Malamin Lissafi: Yana daidaita, amma ba ramuwa ake yi ba, tazarar ce take nitsewa cikin yawa. A ce kwabo ya faɗi ta fuska ɗaya sau goma, sannan aka ƙara jefa shi sau dubu ya rabu biyu. Ka ga 510 da 500 ke nan. Goman nan ba ta je ko'ina ba, kawai ta daina ɗaukar ido.

Direban Tifa: Ni abin ya ci ni, shi ya sa nake karantawa shiru. Wani ya koya mini dabarar ninkawa: ka sa naira 100, in ka faɗi ka sa 200, sai 400, duk ranar da ka ci ka maido komai da ribar ɗari. Kwana biyar ina cin ɗari-ɗari har na fara ganin kaina gwani. Ran na shida na faɗi sau goma a jere a waya, ina zaune cikin mota ina jiran lodin yashi. Na lissafa, 102,300 ta tafi. Na gaba sai na sa 102,400, don ribar naira ɗari fa! Ba ni da ita, kuma rabin wadda ta tafi kuɗin mai ne.

Malamin Lissafi: Allah ya mayar da alheri. Faɗuwa goma a jere a kan launi ɗaya tana zuwa kamar sau ɗaya cikin 784. Mai bugawa kullum ba zai daɗe bai gamu da ita ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni duk lissafin nan bai dame ni ba. Caca haramun ce, ku bar ta ku huta.

Mai Keke: Gaskiya ne Hajiya, Allah ya shirye mu. Amma wanda yake ta ci fa? Ni a ganina hannunsa ya yi zafi, ya ci gaba kawai.

Tela: Kai ɗazu ka ce abin da ya yawaita dole ya juya, yanzu kuma ka ce dole ya ɗore. Zaɓi ɗaya mana.

Ɗan Kallon Ƙwallo: To ƙwallo fa? Ƙungiyar da ta sha kashi sau shida, ni cewa nake ta bakwai ma za ta sha. Wataƙila mai tsaron gidanta ya ji rauni, ko ba a biya 'yan wasa albashi ba.

Malamin Lissafi: A nan jerin yana iya ɗauke da labari, tunda mutane ne ke bugawa. Sai dai kamfanin cacar ma ya ga wannan shidan, ya riga ya rage abin da zai biya ka.

Ɗan Kallon Ƙwallo: Ba kullum suke ganewa da wuri ba, Malam. A ƙananan gasanni na sha riga su jin labari.

Direban Tifa: Ka rubuta duk abin da ka sa da abin da ka ci na wata uku, ka kawo mana mu gani.