Biyar gare ni, uku ake so

Binta:
Salamu alaikum 'yan zaure, wata mujallar adabi ce ta buɗe karɓar waƙoƙin Hausa, sun ce kar a wuce waƙa 3, kowacce kar ta haura layi 40, wadda ba a taɓa bugawa ba, a haɗo da 'yar gajeriyar wasiƙa.

Biyar na ware, ga su nan a gabana,
Uku ake so, na kasa yin zaɓina.

Ta ilimi ƙwar biyar ce, baiti talatin,
Ita ce ta sa aka san ni a garina.

Akwai ta rasuwar Inna, akwai ta mai shayi,
Da ta ambaliyar da ta rushe ɗakina.

Ta biyar ta soyayya ce, tana Fesbuk,
Wasiƙar kuma me zan faɗa a kaina?

Nura:
Ai wannan mai sauƙi ne Binta

Tura wadda ta tara laik a shafinki,
Jama'a sun riga sun yi miki aiki.

Ta ilimi ɗebi baiti takwas na farko,
Arba'in cif, kin cika sharaɗinki.

Wadda ta fi ƙarfi ki sa ta a sama,
Edita na gajiya kafin ya kai ƙarshenki.

Wasiƙa kuwa ki ce fitacciya ce ke,
In ba ki yabi kanki ba wa zai yabe ki?

Malam Sani:
Nura maganarka ta sa mai ƙarfi a sama gaskiya ce, na taɓa taya wata ƙaramar mujalla karanta abin da ake turowa kuma waƙar farko ce ke sa mutum ya gyara zama ko ya fara sauri. Sauran kuwa ban yarda ba.

Nura tsaya mu koma kan sharaɗi,
Wadda ba a buga ba, haka suka faɗi,
Ta Fesbuk ta fita, komai daɗi,
Mujallu da yawa ba za su karɓa ba.

Wasu na yarda in an sauke ta,
Wasu ko an goge sun ƙi ta,
Ki tambaye su kafin ki aika ta,
In kin ɓoye ba za ta ɓoyu ba.

Ta ilimi ɗari da hamsin ne layinta,
Takwas na farko duk shimfiɗarta,
Yabo da salati da kiran jama'arta,
Jigon ko bai fara motsi ba.

Ki bar ta cikakkiya don littafinki,
Ko ranar taro ki rera abinki,
Yanke ta zai ɓata miki aikinki,
Ba don wannan shafin aka gina ta ba.

Saura uku kenan 'yata, amma kar ki ce shi kenan an gama, sai an gwada su. Ki ba wani wanda bai taɓa jin kin rera su ba ya karanta miki da baki kamar yana karanta jarida, ke kuma ki yi shiru kina saurare, domin edita ba zai ji muryarki ba takarda kawai zai gani, kuma murya tana rufe karyewar kari, kina jan gaɓa ɗaya ki cike gurbin biyu ba ki ma sani ba. Duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe ki sa alama. Ki sako mana baiti biyu-biyu mu gani, zauren nan rufaffe ne kuma ɗan ɗanɗano ne ba waƙar duka ba.

Binta:
To Baba Malam ga su. Ta Inna, baitin farko da na huɗu:

Duniya ba gidan zama ba ce haƙiƙa,
Ya 'yan'uwa kowa zai tafi tabbas.

Tsintsiyarta na nan a bayan ƙofa,
Ɗaurin da ta yi mata bai kwance ba.

Ta mai shayi:

Yana ɗaga kofi sama ya juye a kofi,
Ko ɗigo bai taɓa sauka a tebur ba.

Littafin bashi na ƙarƙashin burodi,
Sunan Baba na ciki, bai taɓa tambaya ba.

Ta ambaliya satin da ya wuce na gama ta, ban ma sake karantawa ba.

Anti Rabi:
Kai ƙanwata ta mai shayin nan ta taɓa ni wallahi, ita za ki sa a sama ba wata tantama.

Mai shayi ya tsaya da ƙafarsa,
Ba ki ce mai kirki ne ba, mun gan sa.

Ta Inna kuwa baitin farko aro ne,
Kowa ya yi ta'aziyya ya taɓa yin sa.

"Haƙiƙa" da "tabbas" ciko ne ƙanwata,
Amsa-amon ma bai hau kan layinsa.

Fara daga tsintsiya, nan Inna take,
Abin da ke sama ki daure ki cire sa.

Ki lura duk sauran baitocin da "ba" suke ƙarewa in na fahimta daidai, shi kuwa na farkon da "tabbas" ya ƙare, wato ko kunne ma ya san baƙo ne a waƙar. Ta ambaliya kuma ni dai a ganina ki bar ta ta huce, waƙar da aka gama satin jiya mai ita ba ya ganin aibinta, sun ce kar a wuce 3 ba su ce dole sai 3 ba, ki tura biyu masu kyau ya fi.

Idi Maraɗi:
Ni abin da ya same ni zan faɗa ko zai yi amfani

Na aika tawa da ƙa da ɗa da ɓa,
Can suka buɗe, akwatuna suka gani.

Ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari,
Ma'ana ta juye ba da sanina ba ni.

Mu a Nijar ƴa muke sa wa ƙugiya,
Ku kuwa 'ya, sai aka ce kuskure na yi ni.

Don haka ki aika da PDF kawai ki huta.

Malam Sani:
Malam Idi ba wannan ta tambaya ba amma ka kawo abu mai amfani. Sai dai kar ta tura PDF in su .docx suka nema, abin da suka nema shi za ta ba su, in tana tsoron ƙugiya ta ƙara layi ɗaya a wasiƙa cewa akwai ɓ ɗ ƙ a ciki kuma tana da PDF in suna so su gwada. Kai ma da ka rubuta musu cewa da ƙa'idar rubutun Nijar ka yi, da ba a ce kuskure ba ne.

Hajiya Rabi kan tsintsiya muna tare, kan ambaliya mun rabu.

Mai waƙa bai cika sanin gwanarsa ba,
Wadda ya raina ita ake ɗauka.

Biyu na nuna hannu, uku na nuna faɗi,
Ga makoki, ga kasuwa, ga ruwan damina da ya sauka.

In akwai sati biyu kafin su rufe,
Ta ajiye ta kwana bakwai sannan ta ɗauka.

In ta karanta ba ta ji kunyar layi ba,
Ta sa ta a tsakiya, ta Inna ta rufe duka.

Nura:
To Malam na ji, amma in ta fara daga tsintsiya ina mabuɗin? Baiti na biyu da na uku na tabbata salati ne, magabata ba sa fara waƙa sai da sunan Allah kuma tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ake buga waƙa a jarida, ban ji an ce a bar al'ada don ƙarancin fili ba

Waƙar da ba ta buɗe da sunan Allah ba,
Ni a kunnena ba ta gama shiri ba.

Anti Rabi:
Mabuɗi a waƙa mai baiti talatin ado ne,
A mai baiti goma, uku sun cinye wuri.

Ta yi bismillarta sanda ta ɗau alƙalami,
Ba dole sai ta rubuta shi a layin fari.

Malam Sani:
Wannan ba zan yanke muku ba, na ga masu kyau ta kowane ɓangare. In za ta bar shi ta mayar da shi baiti ɗaya kuma ya zama nata, ya shafi Inna, kar ya zama wanda za a iya ɗorawa kan kowace waƙa. Binta kawo wasiƙar mu gani.

Binta:
Ga abin da na fara: "Ranka ya daɗe, ni fasihiya ce da ta taso da son waƙa tun ina firamare, waƙoƙina sun karaɗe kafafen sada zumunta. Waƙar Mai Shayi tana nuni ne da halin da talaka ke ciki da muhimmancin taimakon juna. Ina roƙo a taimaka a buga ko ɗaya ce."

Malam Sani:
Abu uku zan cire miki 'yata,
Kirari, da fassara, da roƙo.

"Sun karaɗe" zai sa ya shiga bincike,
Ya ga ko waɗannan ma sun fita tun farko.

Kin faɗa masa abin da mai shayi ke nufi,
Kin hana littafin bashi ya isar da saƙo.

Roƙo kuwa ba ya ƙara wa baiti nauyi,
Aiki kika kawo, ki miƙa shi da hannu mai ƙarko.

Ga yadda zan so ta kasance, ki gyara inda bai dace da ke ba:

"Assalamu alaikum. Ga waƙoƙi 3 don fitowarku ta gaba: Mai Shayi, Ambaliya, da Tsintsiyar Inna. Ni na rubuta su, ba a taɓa buga su ko'ina ba har da shafukan sada zumunta, kuma ban tura su wata mujalla ba. Akwai haruffa masu ƙugiya a ciki. Ni malamar makaranta ce, ina rubuta waƙa da Hausa, wannan ne karo na farko da nake turawa mujalla. Na gode da lokacinku. Binta."

Kar ki ji nauyin cewa karon farko ne, masu mujalla na son a ce su suka fara fito da mutum. In kin san sunan editan waƙa ki sa, in ba ki sani ba sallama ta isa tunda ba ki san ko namiji ne ko mace ba balle ki ce ranka ya daɗe. In kuma kin tura su wani wuri a lokaci guda, ki duba ko sun yarda da haka, ki faɗa a wasiƙar, ranar da ɗaya ta karɓa ki rubuta wa ɗayar ki janye wannan waƙar a ranar. Sannan ki sake karanta sanarwar, wasu ba sa son suna a cikin fayil ɗin waƙoƙin sai a wasiƙa kawai.

Binta:
Allah ya saka da alheri Baba Malam, Anti na gode, na duba sun ce .docx kuma ba suna a ciki, saura kwana 16 su rufe.

Mai shayi na sama, wannan an gama,
Ta ilimi da ta soyayya sun zauna gida.

Ambaliya zan rufe ta sai Juma'a ta sama,
In ta tsaya ta bi su, in ta faɗi a bar ta gida.

Mabuɗin Inna kuwa zan gwada baiti ɗaya yau da dare, Yaya Nura kai zan fara turo wa ka faɗa min ko ya zauna.

Nura:
Turo, amma ki haɗo da tsohon in gwada su gefe da gefe