Neman kalma: me za a kira sakamakon gwajin HIV na farko idan layi biyu ya fito?

Hadiza: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar da masu ba da shawara ke karanta wa mutum kafin a yi masa gwajin HIV na nan-take, wanda ake tsira yatsa a ɗiga jini a kan ɗan tsinke. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Idan gwajin farko ya fitar da layi biyu, abin da ake rubutawa a fom shi ne "reactive". Ba a rubuta "positive" sai an gama sauran gwaje-gwajen. Ni kuwa na fassara duka biyun da "yana ɗauke da ita", har sai da wata ma'aikaciyar jinya ta gani ta ce kada in kuskura in fitar da takardar haka. To me za mu kira na farkon? Ina son kalmar da wanda bai yi boko ba zai ji ya gane, ba tare da gabansa ya yanke ya faɗi ba.

Bala: Wa alaikumus salam. Ai tsinken gwaji muke ce masa, kowa ya san shi da haka.

Hadiza: Na gode Malam Bala, sunan tsinken kam na riƙe shi. Sunan sakamakon nake nema.

Malam Sani: Ni a ganina "ya kama" ya wadatar. Yadda muke cewa rini ya kama, haka layin nan yake kama launi. Gajere ne, kuma Hausa ce tsantsa.

Ibrahim: Malam, ta fuskar yadda abin ke aiki maganarka ta yi kusa, amma ina tsoron kalmar. Shekaruna da dama a ɗakin gwaje-gwaje, na san yadda kunne ke ji idan mutum na cikin fargaba. Ka ce "ya kama", abin da zai shiga kunnensa "ka kamu" ne.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin tsinken, ko kalmar za ta fito daga nan. Jinin da aka ɗiga, tare da ɗigon ruwan da ke kora shi, yana bin wata siririyar takarda daga wannan baki zuwa wancan, kamar yadda ruwa ke hawa tsumma idan ka tsoma bakinsa. A hanya yana ratsa wani wuri da aka shanya ƙananan ƙwayoyi masu launi, a yawancin tsinkuna na zinare ne da aka mayar ƙanana ƙwarai. Can gaba kuma akwai layin da ido ba ya gani, inda aka manna ɓarɓashin furotin irin na jikin ƙwayar HIV. Idan jinin mutum na da sojojin da jiki ke ƙerawa musamman don yaƙar HIV, waɗanda muke kira antibodi, sai su ɗauko launin nan su zo su maƙale a layin, ya yi ja. Layi na biyu shaida ce kawai cewa ruwan ya yi tafiyarsa har ƙarshe. In shi bai fito ba, gwajin ya ɓaci, ko me ɗayan ya nuna, sai a ɗauko sabo.

Kin ga ke nan, Malama Hadiza, yawancin tsinkunan nan ba ƙwayar cutar suke gani ba. Abin da layin ke cewa shi ne: wani abu a cikin jinin nan ya manne da furotin ɗin da aka ajiye. Galibi sojojin HIV ne. Amma wani lokaci sojojin wata cuta ce daban suka yi kama da su. Wani lokacin kuma laifin mai gwajin ne. Kowane tsinke da lokacin karanta shi, misali wanda ake kira Determine ana karanta shi daga minti 15, kada a wuce minti 60. Wanda ya bar tsinke a kan tebur ya dawo bayan awa biyu zai iya ganin wani dishi-dishin layi da ba na gaskiya ba.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in sa baki, don ni abin ya faru a kaina. Lokacin da nake da cikin fari aka yi mini gwajin nan wajen awo. Matar ta dubi tsinken ta ce "an gani". Iyakar abin da ta ce ke nan. Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ta ɗauko wani tsinke daban, shi layi ɗaya ya fitar. Ta sake irin na farkon, ya sake yin biyu, na biyun ɗan siriri kamar zare. Aka ce in dawo bayan sati biyu. Kwana 14 ɗin nan ban faɗa wa kowa ba, ko mijina, abinci ma sai in tura da ƙyar. Da na koma aka sake, aka ce ba ni da ita. Har yau ban daina jin "an gani" ɗin nan a kunnena ba. Don Allah duk kalmar da za ku zaɓa, ku zaɓi wadda ke nuna magana ba ta ƙare ba.

Hadiza: Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya Ilham. Na soke "an gani" daga jerina, da ma tana ciki.

Malam Sani: To amma Ibrahim, ina ce an ce gwajin nan ingancinsa ya kai kashi 99 cikin ɗari? In haka ne, wanda layi biyu ya fito masa ai kusan tabbas ne. Kada mu je garin lallashi mu ɓoye wa mutum gaskiya.

Ibrahim: Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har da ma'aikata. Inganci iri biyu ne. Akwai iya gano mai ita, akwai kuma iya wanke marar ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da tsinke sai ya gano aƙalla 99 cikin masu ita 100, ya kuma wanke aƙalla 98 cikin marasa ita 100. Mu yi lissafi da waɗannan.

A ce an gwada mutum 10,000, kuma ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da ita. Masu ita 100 ke nan, marasa ita 9,900. Tsinken farko zai fitar da layi biyu ga 99 daga cikin masu ita. Amma zai yi kuskure a kan biyu cikin kowane ɗari na marasa ita, wato mutum 198. Jimilla mutum 297 suka ga layi biyu, kuma 99 ne kawai ke da ita da gaske. Ɗaya cikin uku, Malam. Sauran biyun irin Maman Ilham ne. Tsinkuna da yawa sun fi wannan ma'auni kyau, amma ko da kuskuren ya ragu, yawan marasa ita ne ke kumbura shi.

Shi ya sa ake yin gwajin bi da bi. Na farko ana zaɓar wanda ya fi kaifin gani, don kada mai ita ya sulale. Wanda ya fitar da layi ɗaya an sallame shi. Mutum 297 ɗin nan ne kaɗai za a yi wa na biyu, da wani tsinke daban da ya fi ƙwarewa wajen wankewa, a ce 99 cikin ɗari. Sai 198 su koma kamar mutum 2, masu ita kuma su rage kamar 98. Ya yi kyau, amma har yanzu biyu cikin ɗari za a ɗora wa maganin har abada ba su da komai. Abin da hukumar ke so shi ne kuskuren kada ya wuce ɗaya cikin ɗari. Don haka a 2019 ta ba da shawarar sai tsinke uku daban-daban sun fitar da layi biyu a jere kafin a ce wa mutum yana ɗauke da ita. Da na uku, biyun nan da suka rage kusan babu wanda zai tsallake.

Malam Sani: Na gamsu da lissafin. Ashe kamar shaidu ne. To sai mu kira tsarin "rinjaye": a tambayi uku, inda biyu suka karkata nan gaskiya take.

Ibrahim: Misalin shaidu ya yi, amma ban yarda da rinjaye ba. An daɗe ana yin haka a wurare da dama: na farko ya ce e, na biyu ya ce a'a, sai a ɗauko na uku ya raba gardama. An gano cewa hanyar nan na jawo a ce wa masu lafiya suna da ita, domin abin da ya ruɗi na farko zai iya ruɗin na uku. A tsarin 2019, idan na farko da na biyu suka saɓa, na farkon ake maimaitawa. In ya dawo layi ɗaya, mutum ba shi da ita. In ya nace, ba a yanke hukunci, sai a ce ya dawo bayan kwana 14, daidai yadda aka yi wa Maman Ilham. Haka ma in biyu sun yarda na uku ya ƙi. Hikimar jiran ita ce, idan sabon kamu ne, sojojin za su ƙaru a cikin kwanakin har duka tsinkunan su gani.

Kuma lissafin da na yi ɗazu yana da sharaɗi. Sai in shaidun ba bakinsu ɗaya ba. Tsinke biyu masu suna daban za su iya kasancewa da furotin iri ɗaya a ciki, sai su yi kuskure a kan mutum ɗaya. Shi ya sa ba a haɗa jerin da ka, sai an gwada an ga ba sa ruɗuwa tare.

Hadiza: Ina karanta bayaninka sai wata kalma ta zo mini: "ya amsa". An yi wa jini tambaya, ya amsa. Amsawa kuwa ba hukunci ba ce, wanda ya amsa sallama ba a san ko wane ne ba sai an leƙa. Sai in rubuta: "Gwajin farko ya amsa. Wannan bai nuna kana ɗauke da HIV ba tukuna, yanzu za mu yi na biyu." In ukun sun amsa, a ce "an tabbatar". In sun saɓa, "ba a tantance ba".

Maman Ilham: Da haka aka faɗa mini, da na iya tambayar "to sai me?" Ni ta yi mini.

Malam Sani: Na janye "ya kama". Tsarin kuma a bar shi "gwajin bi da bi" yadda Ibrahim ya faɗa, tunda kowane mataki sai wanda ya gabace shi ya amsa ake hawa shi.

Zainab: Ni nas ce, kuma "ya amsa" zai shiga bakina ba wahala. Kishiyarsa ce ke damuna. In na ce wa tsohuwa "gwajin bai amsa ba", za ta ɗauka bai yi aiki ba, ta ce a sake. Kuma in na ce "babu", na yi alkawarin da ya fi ƙarfin tsinken. Jiki na ɗaukar makonni, wani har wata uku, kafin sojojin su kai yawan da za a gani. Wanda ya kamu kwana goma da suka wuce layi ɗaya zai fitar. Jariri kuma da bai kai wata 18 ba, amsawar tsinke na iya zama sojojin uwarsa ne, shi sai gwajin da ke neman ƙwayar kanta.

Ibrahim: Gaskiyarki Sista. Wanda ya ɓaci dai a ce "ya ɓaci", kada a haɗa su. Ɗayan kuwa ni "bai nuna komai ba" nake cewa, sannan in tambayi mutum yaushe ne abin da yake tsoro ya faru, in ba shi ranar dawowa in da buƙata.

Zainab: "Bai nuna komai ba" ma ai tsohuwar za ta ce tsinken ne makaho.

Hadiza: Na sa "ya amsa", "an tabbatar", "ba a tantance ba", "ya ɓaci" da "gwajin bi da bi" a takardar. Gurbin layi ɗaya na bar shi a buɗe. Sista Zainab, ki taimaka ki gwada "bai amsa ba" da "bai nuna komai ba" a kan masu zuwa wurinki cikin makon nan, ki tambaye su abin da suka fahimta kafin ki yi musu bayani, sai ki kawo mana abin da suka ce.