Gibin kaya a shago: kar a fara da zargin yaro

'Yan kasuwar Kaduna da suka tattauna matsalar gibin kaya sun fi tsayawa kan shagon wani a Kawo: littafi ya nuna katan 50 na taliya, aka ƙirga 44.

Shawararsu ita ce a fara da takarda, a gwada rasit ɗin dila da abin da aka sauke daga mota. Nan aka ga katan 2 ba su iso ba, an sa hannu ba a ƙirga ba. Littafin bashi kuma ya nuna 2 da aka bayar aka manta cirewa. Ɗaya ruwan damina ya jiƙa, ga gawarsa can bayan sito.

Saura ɗaya. Shi kaɗai ake iya zargin sata a kai, kuma ko shi sai an ga gibin yana maimaituwa a kaya iri ɗaya.