Me za mu kira `invertTree` da Hausa? Ajin Asabar na jira

Binta (Anguwan Rogo): Assalamu alaikum. Yaran da muke koya wa Python ranar Asabar sun iso babin bishiya mai rassa biyu, kuma ina son takardar da zan raba musu ta fito da Hausa. Bishiya, saiwa, ganye, ɗan hagu da ɗan dama duk sun zauna a bakinsu, kowane wurin da lamba take kuma muna ce masa gaɓa. Abu uku ne suka tsaya mini, waɗanda LeetCode, shafin atisayen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, ta sa wa lamba 226, 100 da 101: `invertTree`, `isSameTree` da `isSymmetric`. Na farkon ya fi damuna. Ga bishiyar da zan zana musu, kafin aikin da bayansa:

```
    5            5
   / \          / \
  3   8        8   3
 / \   \      /   / \
1   4   9    9   4   1
```

Wane suna za mu ba abin da ya faru tsakanin ta farko da ta biyu?

Auwal Taminus: Wa alaikumus salam Anti. Ai wannan ba ya buƙatar taro. Kifewa. Kife bishiya, saiwa ta koma sama, ganye ya koma ƙasa, shi ke nan.

Binta: Auwal, ka dubi zanen kuwa? 5 tana nan a sama inda take, ba ta motsa ba.

Malam Ɗanladi: Ƙanena Auwal, bishiyar kwamfuta ai a kife take tun ran gini, saiwarta a sama ake zana ta. In ka sake kife ta ka mai da ita irin ta daji. Kalmar Turancin ce ta yaudare ka, kuma ba kai kaɗai ba ne. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew, ya yi ƙorafi a Twitter cewa Google ba su ɗauke shi aiki ba don bai iya wannan aikin a kan allo ba, aka yi ta gardama a kan me ma kalmar take nufi. Don haka kada mu bi ta, mu bi abin da hannu ke yi. A kowace gaɓa ana ɗaukar ɗan hagu a kai dama, na dama a kawo hagu. A wajen 5, 3 da 8 sun yi musanyar wuri. A wajen 3, 1 da 4 sun yi. A wajen 8 ma an yi, sai dai 9 da babu ta yi musanya, shi ya sa ta dawo hagu. Bene bai canja wa kowa ba, wanda ke hawa na uku yana nan a na uku.

Hassana: To in haka ne Malam, "musanya" kawai. Musanyar rassa.

Malam Ɗanladi: Musanya mataki ɗaya ce a cikin aikin, Hassana. In kika ce wa yaro ya yi musanyar rassa, zai ɗauke 3 da 8 ya sauya musu wuri, ya kakkaɓe hannu. Sai ki tarar da 3 a dama, amma 1 na hagunta, 4 na damanta, yadda suke a da. Wannan ba ta biyun Binta ba ce. Ina son mu ajiye "musanya" don mataki ɗayan nan, mu nemo wa aikin gaba ɗaya wani suna.

Binta: Ni "juyawa" nake ta cewa a aji, amma tana da faɗi. Juya mota, juya magana, juya tuwo. Wani yaro ya ba da shawarar "baibai", na ce masa wannan ciki ne ya koma waje, bishiya kuwa ba ta da ciki.

Injiniya Musa (Rayfield): Ku ƙara mata madubi mana. Juyin madubi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban madubi ya san kansa na nan a sama, gefe ne ya sauya. Ga yadda nake rubuta shi:

```python
def juya(g):
    if g is None:
        return None
    g.hagu, g.dama = juya(g.dama), juya(g.hagu)
    return g
```

Kowace gaɓa sau ɗaya ake taɓa ta, bishiya mai gaɓa shida aiki shida. Amma Malama Binta, ki ja kunnen yaranki a kan layi na huɗu. Da yawa sukan raba shi biyu, su fara da `g.hagu = juya(g.dama)`, sannan `g.dama = juya(g.hagu)`. Lokacin da aka zo layi na biyu, tsohon ɗan hagu ya riga ya tafi, wanda ke zaune a wurinsa na daman ne. Ki gwada da bishiyarki: 5 a sama, 8 da 8 a ƙarƙashinta, 9 har huɗu a ƙasa. 3 da 1 da 4 sun ɓace, kuma Python ba za ta ce uffan ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ƙirga lambobin kafin da bayan. Juyi na gaskiya ba ya ƙara kowa, ba ya rage kowa, kuma in an yi shi sau biyu dole a dawo kan bishiyar farko.

Auwal Taminus: Na janye kifewa. Juyin madubi ya shige ni.

Binta: Ni ma. Na rubuta. Saura biyu. Bishiya biyu da babu bambanci tsakaninsu, "iri ɗaya" zan ce?

Hassana: Iri ɗaya ta yi sako-sako. Mangwaro biyu ma iri ɗaya ne. Mu ce "sak". Wannan bishiyar sak waccan ce.

Malam Ɗanladi: Hassana ta kawo ta. Sak ba ta barin ƙofa: siffa ɗaya, lamba ɗaya a kowane gurbi. Kuma siffar ce mutane ke mantawa. Saiwa 1 mai ɗa 2 a hagu, da saiwa 1 mai ɗa 2 a dama, lambobinsu ɗaya amma ba sak ba ne.

Hassana: Na ukun kuma ina da gajeriyar hanya, ko suna ba sai an wahala ba. Ka karanta bishiyar daga hagu, sai gaɓa, sai dama. Ta farkon Anti Binta ta ba da 1 3 4 5 8 9, ta biyun ta ba da 9 8 5 4 3 1. Kun gani, jerin ne ya koma da baya. Ke nan in jerin wata bishiya ya karantu daidai ta gaba da ta baya, gefenta biyu madubin juna ne.

Injiniya Musa: Rabin maganarki gaskiya ce. Duk bishiyar da aka yi wa juyin madubi jerinta zai koma da baya, babu shakka. Amma ba a komowa ta hanyar. Dubi wannan:

```
    1
   / \
  2   2
 /   /
2   2
```

Jerinta 2 2 1 2 2, ta kowane gefe daidai. Amma 2 ɗin ƙasa duka biyun a hagu suke rataye. Da madubi ne, da ta gefen dama ta karkata dama. Jerin ya haɗiye guraben da babu kowa, su kuwa guraben nan su ne siffar. Gara a tafi da gaɓa biyu a hannu, ana sauka tare:

```python
def sak(a, b):
    if a is None or b is None:
        return a is b
    return (a.lamba == b.lamba
            and sak(a.hagu, b.hagu)
            and sak(a.dama, b.dama))
```

Na madubin shi ne wannan ɗin dai, sai ki gicciya layi biyun ƙarshe: hagun `a` da daman `b`, daman `a` da hagun `b`. A bishiyar da na zana, hagun 2 ta farko akwai mutum, daman 2 ta biyu babu kowa, nan take amsa ta fito `False`. In bishiya ɗaya ce ake tambaya a kanta, sai a miƙa masa 'ya'yan saiwa biyu.

Malam Ɗanladi: Sunan da nake so wa wannan shi ne "wari". Warin takalmi. Ƙafar dama da ta hagu ba sak ba ne, in ka sa ɗaya a gurbin ɗaya ƙafarka za ta gaya maka, amma kowanne warin ɗan'uwansa ne. Sai mu ce wannan bishiyar warin waccan ce. Gajeriya, kuma tamu ce tun kaka da kakanni.

Auwal Taminus: Ranka ya daɗe, a baki ta yi daɗi, amma a rubuce fa? "Bishiya mai wari." Yaran Anti za su toshe hanci su yi ta dariya har a tashi.

Malam Ɗanladi: Kai dai ba ka da dama. Ba wanda zai ce "mai wari", warin wance za a ce.

Binta: Malam, ku yi haƙuri, amma Auwal ya taɓo wani abu. Tsakanin bishiya biyu kalmarku ta zauna daram. Lamba 101 kuwa bishiya ɗaya ce tal, ana tambaya ko hagunta warin damanta ne. Me za mu kira ita kanta bishiyar? Nan ne "mai wari" za ta faɗo daga bakin yaro ko ba a so.

Sadiya: Ku gafarce ni na katse ku, ni tawa matsalar ta kwana biyu tana cina. Na ce tunda bishiyar da gefenta biyu suka dace ita ce wadda juyin madubi ba ya canja ta, bari in haɗa na Injiniya biyu: `sak(b, juya(b))`. Ko wace bishiya na ba shi sai ya ce `True`, har da ta Anti Binta mai 5 a sama.

Injiniya Musa: Tunaninki daidai ne, `juya` ne ya ci amanarki. Bai ƙera sabuwar bishiya ba, ita wadda kika ba shi ya sassauya a inda take, ya miƙo miki ita. Kafin `sak` ya fara aiki, `b` da abin da `juya` ya dawo da shi abu ɗaya ne, kina gwada bishiya da kanta. Ko ki kwafe ta tukuna da `copy.deepcopy`, ko ki bi hanyar gicciye, wadda ba ta taɓa komai kuma tana tsayawa a saɓanin farko. Akwai wata ɓarnar ma a ɓoye: bishiyarki ta asali yanzu a juye take. In ta bincike ce, mai ƙanana a hagu manya a dama, nemi 4 ki gani. Ta gaza 5, ki bi hagu ki tarar da 8, ki sake bin hagu ki tarar da 9, ki fita hannu wofi alhali 4 na zaune a ɗaya gefen.

Hassana: To ashe sunan ma ya kamata ya nuna wannan. "Juyin madubi" ga wanda ke sauya ta a inda take, "hoton madubi" ga sabuwar da aka ƙera aka bar ta asali lafiya.

Injiniya Musa: Na yarda da wannan rabon. Da Sadiya ta ga suna biyu a takarda, da ta tambayi kanta wanne take kira.

Binta: To ga abin da zan buga: juyin madubi, hoton madubi, sak. Tsakanin bishiya biyu zan sa "wari" in ga yadda yaran za su karɓe ta. Ta 101 na rubuta "bishiya mai madubin kanta" da fensir, don ta yi mini tsawo.

Malam Ɗanladi: "Madubin kanta" sai ka ce madubin da ta saya da kuɗinta. Ki bar gurbin a buɗe. Kafin Asabar zan tambayi wani abokina mai koyar da lissafi a sakandare me yake ce wa ɗalibansa in sun zo kan siffar da ake naɗewa biyu ta haɗu baki da baki.